Mutum Nawa Za A Tambaya? Ƙayyade Girman Samfur Idan Al'ummar Bincike Ba Ta Da Yawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake yanke yawan mutanen da za a tambaya a ƙaramin bincike na takardar tambayoyi, idan al'ummar binciken ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba. An bi misali guda na ƙaddarawa, wato malaman Hausa 240 a wata shiyyar ilimi, tun daga haɗa jerin sunayensu har zuwa bibiyar waɗanda ba su dawo da takarda ba. An nuna cewa adadin da fomula take bayarwa ya dogara ne a kan wasu sharuɗɗa da ba a cika faɗarsu ba, kuma idan aka faɗe su a fili, lissafin da kansa yakan kai mai bincike ga tambayar kowa da kowa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba halartar zaman kare kundin digiri ya san tambayar da take jiran ɗalibi a babi na uku: "Me ya sa ka tambayi mutum 150, ba 100 ba, ba 200 ba?" Amsar da aka fi ji ita ce, "Fomular Yamane ce ta ba da hakan," ko kuwa, "Haka yake a jadawalin Krejcie da Morgan." Yawanci daga nan sai a wuce gaba. To amma ambaton sunan marubuci bai amsa tambayar ba. Fomula ba ta san abin da ɗalibi yake nema ba, ba ta san ko jerin sunayensa ya cika ba, ba ta kuma san mutum nawa ne za su karɓi takarda su jefa ta a aljihun tebur ba.

Matsalar ta fi bayyana a fagen nazarin Hausa, domin al'ummomin da ake bincike a kansu galibi ƙanana ne: malaman Hausa na wata shiyya, ɗaliban ajin ƙarshe na wani sashe, mambobin wata ƙungiyar marubuta, ko masu sayar da littattafai a wata kasuwa. Littattafan dabarun bincike kuwa sun fi ba da misali da jama'ar gari ko ta ƙasa baki ɗaya. Lissafin al'ummar da ba ta wuce ɗari biyu ko uku ba yana da nasa hali, kuma shi ne abin da za a bi a nan.

Sai dai a kula tun da wuri: maganar ta shafi bincike ne mai son fitar da kaso, wato ya ce kashi kaza cikin ɗari suna yin abu kaza. Wanda yake nazarin salon wani mawaƙi, ko yake tattara bayanin karin harshe daga dattawa biyar da suka san shi, ba ruwansa da wannan lissafi, kuma kuskure ne a tilasta masa shi.

2.0 Misalin da za a bi da batun jerin sunaye

A ƙaddara wata ɗaliba tana son sanin kashi nawa ne na malaman Hausa a makarantun sakandare na wata shiyyar ilimi suke koyar da karin sauti da tsawon wasali a aji. Tambayar tana da amsa biyu kawai, e ko a'a. A ƙaddara kuma malaman su 240 ne, 180 a makarantun gwamnati, 60 a masu zaman kansu. Waɗannan alƙaluma duk na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fito sarari.

Kafin a taɓa kowace fomula, sai an tabbatar da wannan 240 ɗin. Adadin da aka ji daga bakin wani jami'i ba ya isa. Abin da ake bukata shi ne jerin sunaye, kowane malami da makarantarsa. A nan ne ake fara yanke hukunci masu wuya. Shin malamin da ya karanta Larabci amma aka ba shi ajin Hausa yana ciki? Mai yi wa ƙasa hidima fa, ko ɗalibin da ya zo koyon aikin koyarwa? Wanda aka yi wa canjin wurin aiki watanni uku da suka wuce amma sunansa yana nan a takarda? A al'umma mai mutum miliyan, kuskuren suna ashirin ba ya motsa komai. A al'umma mai mutum 240, suna ashirin ya haura kashi 8 cikin ɗari, wato ya fi girman kuskuren da ake ta wahalar lissafi don a kauce masa. Saboda haka ya kamata kundin ya faɗi inda aka samo jerin, da watan da aka haɗa shi, da ma'anar da aka ba "malamin Hausa".

3.0 Asalin lissafin

Akwai abubuwa uku da mai bincike ne yake zaɓarsu, ba fomula ba. Na farko shi ne tazarar kuskuren da zai iya jurewa. Idan sakamako ya nuna kashi 60, shin ya wadatar a ce gaskiyar tana tsakanin 55 da 65? Idan ya wadatar, tazarar ita ce maki 5 sama ko ƙasa. Na biyu shi ne ƙarfin tabbaci, wanda aka saba ɗaukarsa a kashi 95 cikin ɗari. Ma'anarsa ita ce, da za a maimaita zaɓen samfur ta hanyar ƙuri'a sau ɗari, kimanin 95 daga ciki za su ba da sakamakon da bai kauce wa gaskiya da fiye da wannan tazara ba. Na uku shi ne hasashen yadda amsoshin za su rabu. Idan ba a san komai ba, sai a ɗauka rabi za su ce e, rabi su ce a'a, domin wannan rabuwa ce ta fi bukatar samfur mai yawa. Duk wanda ya shirya mata ya shirya wa saura.

Fomular da ta haɗa ukun, wadda aka fi dangantawa da littafin William G. Cochran a kan dabarun ɗaukar samfur (an fara buga shi a 1953), ita ce:

```
n0 = z² × p × (1 − p) / e²
```

Harafin z yana wakiltar ƙarfin tabbaci, kuma ga kashi 95 ƙimarsa 1.96 ce. Harafin p shi ne hasashen kason masu cewa e, a nan 0.5. Harafin e kuma tazarar kuskure ce, a nan 0.05. Idan aka sa waɗannan, sakamakon shi ne 384.16. Daga nan ne sanannen adadin nan na 384 ko 385 ya samo asali.

Ga ɗalibar da take da malamai 240 kacal, wannan amsa ba ta da ma'ana: an ce ta tambayi mutanen da suka fi waɗanda ake da su. Dalili shi ne fomular ta ɗauka al'ummar ba ta da iyaka, ta yadda duk yawan waɗanda aka tambaya, waɗanda suka rage ba su ragu ba. A ƙaramar al'umma abin ba haka yake ba. Duk malamin da aka tambaya ya fita daga sahun waɗanda ake hasashe a kansu ya koma sahun waɗanda aka sani. In ɗalibar ta ji daga bakin 200, saura 40 ne kawai take yi wa kirdado. In ta ji daga 240, babu sauran kirdado ko kaɗan. Wannan ragowar duhu da take raguwa ita ce ake lissafawa da gyaran da ake yi wa al'umma mai iyaka:

```
n = n0 / (1 + (n0 − 1) / N)
```

Babban harafin N shi ne jimillar al'umma. Ga misalin nan, 383.16 a raba da 240 ya ba da kusan 1.597, a ƙara 1 ya zama 2.597, a raba 384.16 da shi, a samu 147.95. Ba a tambayar gutsuren mutum, kuma ana cikewa ne zuwa sama, don haka samfurin ya zama 148.

Abin lura shi ne yadda adadin yake sauyawa idan al'ummar ta ƙara ƙanƙancewa. Da sharuɗɗan nan guda, al'umma mai mutum 1,000 tana bukatar 278, mai mutum 100 tana bukatar 80, mai mutum 30 kuwa tana bukatar 28. Wato gwargwadon ƙanƙantar al'umma, gwargwadon girman kason da dole a ɗauka daga cikinta. Wanda yake da mutum 30 ya ce zai zaɓi 28 ya bar biyu, ya wahalar da kansa a banza. Ya tambaye su duka kawai.

Akwai kuma farashin da ake biya a kan wannan rangwame, wanda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. An sauko daga 385 zuwa 148 ne bisa alkawarin cewa sakamakon zai yi magana a kan waɗannan malamai 240 kaɗai, a wannan shiyya, a wannan zango. Idan ɗalibar ta zo babi na biyar ta rubuta cewa "malaman Hausa a Arewacin Nijeriya ba sa koyar da karin sauti," ta karya alkawarin. Babu fomular da za ta ba ta izinin wannan tsalle, domin malaman sauran shiyyoyi ba su shiga ƙuri'arta ba tun farko.

4.0 Yamane, jadawalin Krejcie da Morgan, da "kashi goma"

Fomular da ta fi yawo a kundayen jami'o'in Nijeriya ita ce wadda ake jinginawa ga Taro Yamane, daga bugun 1967 na littafinsa na ilimin ƙididdiga:

```
n = N / (1 + N × e²)
```

Ga malamai 240 da tazarar 0.05, ta ba da 240 a raba da 1.6, wato 150 cif. Kusancin 150 da 148 ba dace ba ne. Fomular Yamane ita ce dai lissafin da aka yi a sama, an ɗauki z a matsayin 2 maimakon 1.96, an kafe p a 0.5, sannan aka dunƙule matakan biyu suka zama ɗaya. Haka ma jadawalin da Robert Krejcie da Daryle Morgan suka wallafa a 1970: an gina shi a kan tabbacin kashi 95, da rabuwar rabi da rabi, da tazarar maki 5, kuma a gaban 240 an rubuta 148. Ashe ke nan ɗalibin da ya kawo hanyoyin uku a kundinsa don su ƙarfafi juna, shaida ɗaya ya kira sau uku.

Ba laifi ba ne a yi amfani da su. Illarsu ita ce sun ɓoye zaɓin da ya kamata mai bincike ya yi da hankalinsa. Tazarar maki 5 al'ada ce, ba wahayi ba. Idan manufar ɗalibar ita ce ta gano ko masu koyar da karin sauti tsiraru ne ko mafi rinjaye, tazarar maki 10 tana iya wadatarwa, kuma malamai 69 sun isa. Tazarar maki 7 tana bukatar 109. In kuwa tana son maki 3, sai ta nemi 197. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan adadi ana iya kare shi, muddin an faɗi dalilin zaɓar tazararsa, an kuma riƙe ta a lokacin fassara sakamako. Wanda ya zaɓi maki 10 ya samu kashi 54, ba shi da bakin cewa "mafi yawansu," domin gaskiyar tana iya kasancewa 45.

Haka batun p. Da a ce akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa masu koyarwar ba su wuce kashi 20 ba, samfurin zai sauka daga 148 zuwa 122. Amma ɗan gwajin da aka yi da abokai goma sha biyar don a ga ko tambayoyin suna fahimtuwa ba ya zama irin wannan hujja. Bayan haka, takardar tambayoyi ba tambaya ɗaya take ɗauke da ita ba, kuma cikin ashirin da wuya a rasa wadda za ta raba mutane gida biyu daidai. Shi ya sa zama a kan 0.5 ya fi aminci.

Sai kuma maganar da ake yawan ji, cewa kashi 10 cikin ɗari na al'umma ya isa samfur. A nan kashi 10 shi ne malamai 24. Ana iya juya lissafin a tambayi irin tazarar da 24 za su bayar:

```
e = z × √(p × (1 − p) / n) × √((N − n) / (N − 1))
```

Amsar ita ce kusan 0.19. Idan rabin waɗannan 24 suka ce e, abin da ɗalibar za ta iya faɗa shi ne gaskiyar tana wani wuri tsakanin kashi 31 da 69. Wannan kuwa ko ba ta fita daga gida ba ta san shi. Wannan fomula ta ƙarshe ta fi sauran amfani ga ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, domin tana ba shi damar faɗar gaskiya: ga adadin da kuɗi da lokaci suka ba ni, ga kuma iyakar abin da zai iya nunawa.

5.0 Inda 148 take daina isa

Adadin 148 ya amsa tambaya ɗaya ce: kashi nawa ne daga cikin malaman gaba ɗaya? To amma da wuya a ga kundin da ya tsaya a nan. Cikin manufofin binciken ɗalibar akwai kwatanta makarantun gwamnati da masu zaman kansu, kuma da zarar an raba samfur, kowane ɓangare ya zama ƙaramin bincike mai cin gashin kansa.

Idan aka raba 148 bisa yawan kowane rukuni, gwamnati za ta samu 111, masu zaman kansu 37. Tazarar kuskuren rukunin farko za ta kai kusan maki 6, ta biyun kuwa maki 10. A ce sakamako ya nuna kashi 50 a nan, kashi 42 a can: wannan bambanci na maki 8 yana iya zama na gaske, yana kuma iya zama wasan ƙuri'a kawai, kuma samfurin ba zai iya raba gardamar ba. In ana son kowane rukuni ya tsaya a kan maki 5, sai a yi wa kowanne lissafinsa daban. Malamai 180 suna bukatar 123, malamai 60 suna bukatar 53. Jimilla ta tashi zuwa 176. (Tunda an ɗebi kaso mafi girma daga ƙaramin rukunin, in an zo haɗa sakamakon gaba ɗaya sai a ba na gwamnati nauyin kashi uku cikin huɗu, ɗayan kuma kashi ɗaya, kamar yadda suke a jerin sunaye.)

Har yanzu da saura. Duk waɗannan alƙaluma na takardun da suka dawo a cike ne, ba na waɗanda aka raba ba. A ƙaddara ɗalibar, bisa abin da ta gani a gwajinta, tana sa ran uku cikin huɗu za su amsa. Don ta samu 123 daga makarantun gwamnati, dole ta raba 164. Don ta samu 53 daga masu zaman kansu, dole ta raba 71, alhali su 60 ne duka-duka. A nan lissafi ya ci karo da bango. Abin da za ta iya shi ne ta ba dukkan 60 ɗin, ta kuma san cewa in 45 suka amsa, tazararta a wannan rukuni ba za ta gaza maki 7 ba.

Yanzu takardun da za a raba sun zama 164 da 60, wato 224 daga cikin 240. Malamai 16 ne kawai za a bari. Wahalar ware su, da yi wa shugaban makaranta bayanin dalilin da ya sa aka ba malamai uku takarda aka tsallake na huɗu da yake zaune tare da su, ta fi wahalar buga ƙarin takardu 16. Hukuncin da ya fi sauƙin karewa shi ne a tambayi kowa, kuma lissafin da aka bi shi ne hujjar yin hakan. Wasu masu duba kundi suna ganin babi na uku bai cika ba sai da "samfur," har su sa ɗalibi ya jefar da mutanen da yake iya kaiwa gare su don dai a ga fomula. Wannan mayar da hanya manufa ne. An ƙirƙiro samfur ne don inda ƙidaya ta gagara.

Ba a kowane hali ne ƙidaya ta fi ba. Idan kowace amsa tana bukatar tafiyar yini guda zuwa ƙauye, ko hira ta awa biyu, gara a zaɓi 109 ta hanyar ƙuri'a a bi su ɗaya bayan ɗaya har a same su, da a watsa takardu 240 rabi su ɓace. Sharaɗin shi ne zaɓen ya zama na ƙuri'a da gaske. Hanya mai sauƙi ita ce a jera sunayen a manhajar Excel, a rubuta `=RAND()` a gaban kowane suna, a kwafe lambobin a manna su a matsayin tsayayyun ƙima don kada su sauya, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki 109 na farko. Tambayar duk wanda aka tarar a ɗakin malamai ranar da aka je ba ƙuri'a ba ce, ko da kundin ya kira ta haka. Malamin da yake yawan zama a makaranta ya fi saurin faɗawa hannu, kuma mai yiwuwa shi ne ya fi ƙwazon koyarwa. Haka nan zaɓar makarantu sannan a ɗauki duk malaman da ke cikinsu: malaman makaranta ɗaya sukan yi kama da juna, tsarin aiki ɗaya suke bi, littafi ɗaya suke riƙe da shi, don haka amsoshinsu huɗu ba su kai darajar amsoshi huɗu daga wurare daban-daban ba. Duk fomulolin da aka kawo a sama sun ɗauka mutum-mutum aka zaɓa daga jeri guda.

6.0 Waɗanda ba su amsa ba

A ce ɗalibar ta raba wa dukkan 240, takardu 180 suka dawo, 108 daga ciki suka ce suna koyar da karin sauti. Kashi 60 ke nan. In ta sa 180 a fomular tazara za ta samu kusan maki 3.6, ta rubuta cewa gaskiyar tana tsakanin 56 da 64. Alƙaluman suna da kyan gani, amma an gina su a kan zaton cewa ƙuri'a ce ta ware mutum 60 ɗin da suka yi shiru. Ba ƙuri'a ba ce; su suka ware kansu. Kuma akwai dalili mai ƙarfi na zargin cewa malamin da ba ya koyar da karin sauti, ko wanda shi kansa bai iya shi sosai ba, ya fi kowa sha'awar mantawa da takardar.

Yawan amsoshi ba ya maganin wannan. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi fiye da miliyan biyu ta yi hasashen Alf Landon zai ci, sai Franklin Roosevelt ya yi nasara da gagarumin rinjaye. Jerin sunayen da mujallar ta yi amfani da shi ya karkata, waɗanda suka ga damar amsawa kuma ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba.

Ƙaramar al'umma tana da wata fa'ida a nan: ana iya ƙirga iyakar ɓarnar da hannu. In duk 60 ɗin ba sa koyarwa, kason gaskiya shi ne 108 cikin 240, wato kashi 45. In dukkansu suna koyarwa, 168 ne cikin 240, wato kashi 70. Gaskiyar tana tsakanin 45 da 70, muddin waɗanda suka amsa sun faɗi abin da suke yi. Faɗin wannan tazara, maki 25, daidai yake da kason waɗanda ba su amsa ba, kuma ya kamata ya bayyana a kundin kusa da kashi 60 ɗin. Ya nuna cewa ko iƙirarin "mafi yawansu suna koyarwa" bai tabbata ba tukuna.

Ana iya matse tazarar. Tun a 1946 Morris Hansen da William Hurwitz suka bayyana dabarar da har yau ake amfani da ita: a zaɓi wani yanki na waɗanda suka yi shiru ta hanyar ƙuri'a, a bi su da hanyar da ta fi ta farko ƙarfi. Ɗalibar ba za ta iya bin 60 ba, amma tana iya bin 20. Ta je da ƙafarta, ko ta kira a waya, ta yi musu muhimman tambayoyi biyu ko uku kawai maimakon takardar gaba ɗaya. Wannan yana bukatar a san wanda ya dawo da takarda da wanda bai dawo da ita ba, don haka tun farko sai a sa wa kowace takarda lamba, a ajiye jerin da ya haɗa lamba da suna a wuri daban, a kuma sanar da malaman hakan a takardar neman yardarsu.

A ce ta sami duka 20 ɗin, 6 suka ce suna koyarwa. Kashi 30 ke nan, rabin abin da aka gani a rukunin farko, kuma wannan kaɗai ya tabbatar da zargin. Sai ta ƙiyasta cewa 18 ne daga cikin 60, ta haɗa da 108, ta samu 126 cikin 240, wato kashi 52.5. Tazarar wannan sabon ƙiyasi kusan maki 4 ce, domin shakkar da ta rage ta shafi rubu'in al'ummar ne kawai. Sakamakon ya koma tsakanin 48 da 57: malaman sun rabu kusan gida biyu, ba rinjayen da kashi 60 ya nuna da farko ba. In kuwa cikin 20 ɗin mutum 14 kaɗai ta samu, sai ta faɗi hakan, ta sake yin lissafin mafi ƙaranci da mafi yawa a kan shidan da suka rage, kada ta maye gurbinsu da wasu malaman da suka fi sauƙin samu.